LinkedIn: Yadda ake zaƙulo jami'in da ke ba da aikin dakon kaya tsakanin Kamaru da Chadi

Mafi yawan kayan da Chadi ke shigowa da su ta teku a tashar jiragen ruwa ta Duwala suke sauka. Wani kaso na kayan yana hawa jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, inda layin dogo ya ƙare, daga nan manyan motoci su ɗauka. Wasu su bi ta Garwa da Marwa zuwa Kuseri su haye gadar Ngeli su shiga Njamena, wasu kuma su yanke ta Tuboro zuwa Mundu. Hausawa da dama a wannan hanya suna cin abinci, daga masu motoci da direbobi zuwa dillalai da masu fiton kaya a kwastan.

Mai mota biyu ko uku yakan samu lodi ne ta hannun dillali, kuma kowane hannu da lodin ya bi sai ya rage wani abu. A kowane kamfani ko ƙungiya da ke tura kaya akwai ma'aikacin da aikinsa shi ne zaɓen motocin da za a ba lodi. Matsalar ita ce ba a rubuta sunansa a ƙofar shiga, kuma mai gadi ba zai faɗa ba. Da yawa daga irin waɗannan ma'aikata suna da shafi a LinkedIn, dandalin ma'aikata da 'yan kasuwa da aka buɗe a 2003, wanda kamfanin Microsoft ya saya a 2016. Ana iya gano su da asusun kyauta, amma sai an san irin kalmar da za a rubuta da kuma akwatin da za a sa ta.

Wannan bayani zai bi misalin wani mai tireloli uku a Ngaundere da ke neman masu ba da lodin Njamena. Hanyar ɗaya ce ga mai neman shugaban sashen sayayya na wani asibiti a Akara, ko shugaban ma'aikata na wani banki a Yamai.

Tambayoyi uku kafin a taɓa waya

Kuskuren farko da ake yi shi ne a zuba komai a akwatin bincike na sama, kamar a rubuta `logistique transport Tchad` a danna. Wannan akwati yana duba shafin mutum gaba ɗaya: sunansa, taken da ya sa ƙarƙashin sunan, ayyukan da ya yi a baya, makarantar da ya yi da ƙwarewar da ya lissafa. Saboda haka ɗalibin da ke karatun sufuri zai fito, wanda ya bar aikin shekara goma da suka wuce zai fito, har da direban da shi ma lodi yake nema.

Abin da ya kamata shi ne a raba buƙatar gida uku a kan takarda. Na farko, mene ne muƙamin mutumin? Na biyu, a wane irin wuri yake aiki? Na uku, a wane gari ko ƙasa yake zaune? Kowace tambaya tana da nata akwatin a dandalin. Muƙami da kalmomi ake nemansa, domin kowa da yadda yake rubuta nasa. Fanni da wuri kuwa daga jerin da dandalin ya tanada ake zaɓarsu. Waɗannan zaɓuɓɓuka su ne rariyoyin bincike, domin aikinsu ke nan: su tankaɗe sakamakon, su bar abin da ake so.

Ga mai tirelolin nan amsoshin su ne: mai kula da sufuri ko jigilar kaya, a kamfanin fiton kaya, ko ƙungiyar agaji, ko masana'antar da ke tura kaya masu nauyi, a Kamaru ko Chadi.

Muƙami ɗaya, sunaye da yawa

Injin binciken kalmomi yake bi. Idan an nemi `responsable logistique`, babu tabbacin zai kawo wanda ya rubuta `logistics manager`, ko da a ofis ɗaya suke zaune. A Kamaru, inda Faransanci da Turanci duka harsunan hukuma ne, da kuma ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa da ke Chadi, inda ake yawan rubuta muƙamai da Turanci, wanda ya nema da harshe ɗaya ya zubar da wani babban kaso na mutanen da yake nema.

Don haka sai a fara tattara sunayen muƙamin. Hanya mafi sauƙi ita ce a buɗe tallace-tallacen guraben aiki uku ko huɗu na irin kamfanonin da ake hari, a ga yadda su da kansu suke kiran kujerar. A harkar dakon kaya za a ci karo da `responsable logistique`, `responsable transport`, `chef de service transit` da `chargé de la logistique` a Faransanci, sai `logistics officer`, `transport manager` da `supply chain manager` a Turanci.

Akwai tarko biyu a nan. Na farko shi ne jinsi. Faransanci yana bambanta `chargé` da `chargée`, `logisticien` da `logisticienne`, `acheteur` da `acheteuse`. Wanda ya rubuta siffar namiji kaɗai yana iya tsallake matan da ke riƙe da kujerar. Kalmar `responsable` ba ta da wannan matsala, domin ɗaya ce ga kowa. Dandalin ba ya karɓar alamar tauraro da wasu ke sawa a ƙarshen kalma don ta kamo dukan siffofinta, saboda haka dole a rubuta kowace siffa cikakkiya.

Tarko na biyu shi ne kalmar da ma'anarta ke sauyawa da harshe. `Transit` a Faransancin tashar Duwala tana nufin fiton kaya a kwastan, wato aikin `transitaire`. A Turancin Amurka kuwa motocin haya da jiragen ƙasa na cikin gari ake nufi. Idan ba a killace binciken da ƙasa ba, sai a ga ma'aikatan safa-safa na biranen da ba a taɓa jin sunansu ba.

Ya kamata kuma a yi tunanin matakin kujerar. Babban darakta ba ya zaɓen motar da za ta ɗauki buhu ɗari shida, kuma da wuya ya amsa saƙon baƙo. Ɗan koyon aiki zai amsa, amma ba shi da ikon sa hannu. Masu `responsable`, `chef de service`, `officer` ko `manager` a muƙaminsu su ne ke tsakiya, kuma su ne aikin ke bi ta teburinsu kullum.

Alamomi biyar da ke haɗa kalmomin

Da zarar an tattara sunayen, sai a ɗaure su cikin layi ɗaya. Dandalin yana gane alamomi biyar. Alamar zance tana tilasta wa injin ya nemi kalmomin a jere kamar yadda aka rubuta su. `OR` tana nufin ko wannan ko wancan, don haka tana faɗaɗa sakamako. `AND` tana nufin dole duka biyun su kasance, don haka tana rage shi. `NOT` tana fitar da duk wanda ke da kalmar da ta biyo bayanta. Baka biyu kuma tana tara kalmomin da ke tafiya tare. Ga layin mai tirelolin:

```
("responsable logistique" OR "responsable transport" OR "logistics officer") NOT stagiaire
```

Ma'anarsa: a kawo duk mai ɗaya daga muƙaman nan uku, amma a cire wanda ya rubuta cewa ɗan koyon aiki ne.

Abubuwa uku ne ke yawan lalata irin wannan layi. Dole a rubuta `OR`, `AND` da `NOT` da manyan baƙaƙe kuma da Turanci, ko da an saita dandalin a Faransanci. Wanda ya rubuta `ou` ko `et`, injin zai ɗauke su kalmomi ne kamar sauran. Sannan alamar zance dole ta zama miƙaƙƙiya, irin wadda ke cikin misalin. Allon rubutun waya na Faransanci yakan mayar da ita `« »`, wasu manhajojin rubutu kuma su lanƙwasa ta, kuma dandalin miƙaƙƙiyar kaɗai ya sani. Alamar cewa hakan ta faru ita ce a ga sakamako cike da mutanen da ke da kalmomin a warwatse, `responsable` a wani aiki, `logistique` a wani. Na uku, kada layin ya yi tsawo. Idan sunayen muƙamin sun kai takwas, gara a raba su bincike biyu ko uku, na Faransanci daban, na Turanci daban. Hakan yana kuma nuna wace kalma ce ke kawo mutanen kirki, wacce ke kawo shara.

`NOT` tana buƙatar taka-tsantsan na musamman. Idan aka sa `NOT stagiaire` a akwatin sama, wanda ke duba shafi gaba ɗaya, tana iya fitar da shugaban sashe wanda ya ambaci koyon aikin da ya yi lokacin yana ɗalibi. Shi ya sa wurin da ake sa layin yake da muhimmanci kamar layin kansa.

Inda ake sa kowane abu

Matakan sun fi sauƙi a kwamfuta, amma ana iya yin su a waya. A rubuta kalma ɗaya a akwatin sama, kamar `logistique`, a danna bincike. Sakamakon farko gauraye ne da guraben aiki da kamfanoni da rubuce-rubuce, don haka a zaɓi `Personnes`, ko `People` ga mai amfani da Turanci. Daga nan a buɗe `Tous les filtres`, wato `All filters`. Duk rariyoyin suna cikin wannan shafi.

A can ƙasa akwai sashen `Mots-clés`, wato `Keywords`, mai ƙananan akwatuna na suna, muƙami, kamfani da makaranta. A akwatin muƙami, wanda ake kira `Title` a Turanci, ake liƙa layin nan. Wannan akwati gurbin muƙami yake dubawa, ba ya bin labarin rayuwar mutum gaba ɗaya. Wannan sauyi kaɗai yakan share ɗalibai da masu sha'awar fannin daga jerin.

Sai rariyar wuri, `Lieux` ko `Locations`. A nan ba a rubuta suna a bar shi, ana rubuta farkonsa ne a zaɓa daga jerin da ya sauko. Dalilin da ya sa ba a sa sunan wuri cikin kalmomin bincike a fili yake ga wanda ya taɓa gwadawa. `Chad` sunan maza ne a Amurka, don haka zai kawo mutane masu wannan suna. `Maroua` sunan mata ne a Tunisiya da maƙwabtanta. `Niger` kuma tana janyo jihar Neja da yankin Neja Delta na Najeriya. Shi kansa sunan babban birnin Chadi ana rubuta shi `N'Djamena`, `Ndjamena` da `N'Djaména`. Rariyar wuri tana kawar da duk wannan ruɗani.

Ya fi kyau a fara da ƙasa kafin gari. Mutane da yawa ƙasa kawai suke sawa a shafinsu, wasu kuma suna aiki a Garwa amma shafin yana cewa Duwala ko Yawunde, domin can suka buɗe shi. Wanda ya fara da ƙaramin gari zai iya ganin mutum uku ya ɗauka su ke nan.

Akwai ƙa'ida ɗaya da ke bayyana yadda rariyoyin ke aiki tare. Zaɓi biyu a cikin rariya ɗaya suna ƙara yawan sakamako: idan an zaɓi Kamaru da Chadi, za a ga na nan da na can. Zaɓi a rariyoyi daban-daban kuwa yana rage shi: muƙami da ƙasa da fanni dole su haɗu a kan mutum ɗaya kafin ya fito. Saboda haka a riƙa ƙara rariya ɗaya-ɗaya ana duban abin da ya rage. Wanda ya kunna biyar a lokaci guda ya ga babu kowa, ba zai san wacce ta kashe binciken ba.

Rariyar fanni da inda take yaudara

Rariyar `Secteur`, ko `Industry`, ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta. Mai tirelolin zai ga kamar abin da ya dace shi ne ya zaɓi fannin sufuri, wanda a jerin Turanci yake da sunaye irin `Truck Transportation` da `Transportation, Logistics, Supply Chain and Storage`. Idan ya yi haka, mutanen da za su fito yawancinsu ma'aikatan kamfanonin sufuri ne, wato masu fiton kaya da kuma abokan gasarsa masu motoci. Masu fiton kayan suna da amfani a gare shi, domin sukan ɗauki hayar motocin waje. Amma mai kula da jigila a kamfanin auduga ko siminti ko ƙungiyar agaji ba zai fito ba, domin fannin da ke manne da shi na wurin aikinsa ne: noma, masana'antu ko ayyukan jinƙai.

Tambayar da za a yi ke nan ita ce, wa ke da kayan da ke buƙatar mota? A wannan yanki amsar ta haɗa da kamfanin auduga na SODECOTON mai hedikwata a Garwa, da Cotontchad a Mundu, da masana'antar siminti ta CIMENCAM a Figil, da Hukumar Abinci ta Duniya da ke tura kayan agaji zuwa Chadi, da manyan kamfanonin fiton kaya na Duwala. Kowane rukuni bincikensa daban: layin muƙami ɗaya, ƙasashe biyu, fanni kuma ana sauya shi.

Ko da an zaɓi fannin daidai, rariyar ba ta kama kowa. Abin da mutum ya zaɓa wa kansa ko abin da kamfaninsa ya rubuta a shafinsa ne ke aiki, kuma mutane ba sa komawa su gyara bayan sun sauya aiki. A 2022 dandalin ya faɗaɗa jerin fannoninsa daga ƙasa da 150 zuwa sama da 400, don haka kamfanoni biyu masu sana'a ɗaya suna iya zama ƙarƙashin sunaye daban-daban. Gwajin da ke tona wannan mai sauƙi ne. A tuna wani ma'aikaci da aka riga aka sani yana wannan aiki kuma yana da shafi. Idan ya ɓace daga jerin bayan an kunna rariyar fanni, to rariyar tana zubar da tsaba tare da dusa, sai a kashe ta.

Idan an san sunayen kamfanonin, rariyar `Entreprise actuelle`, wato `Current company`, ta fi ta fanni tabbas. Ita ma daga jeri ake zaɓa, a duba tambarin kamfanin. Hukumar Abinci ta Duniya, misali, da cikakken sunanta `World Food Programme` ake nemanta. Wanda ya rubuta `PAM` a akwatin kalmomi zai tarar da mutane masu suna Pam. Sauyin suna ma yana ɓoye mutane. Kamfanin da aka sani da Bolloré Africa Logistics ya koma hannun MSC a ƙarshen 2022, aka sauya masa suna zuwa Africa Global Logistics, wato AGL, a 2023. Ma'aikacin da bai sabunta shafinsa ba yana nan ƙarƙashin tsohon suna, don haka a gwada sunayen biyu.

Yadda binciken mai tirelolin ke tafiya

Zagaye na farko, ya sa layin Faransanci a akwatin muƙami, ya zaɓi Kamaru da Chadi, bai taɓa fanni ba. Ya duba shafuka biyu na farko, mutum goma a kowane shafi. Abin da yake ƙirgawa shi ne mutum nawa cikin ashirin ɗin nan ne ke riƙe da kujerar da yake nema a wurin da ke tura kaya. Idan sun haura rabi, layin ya yi. Idan ba su kai biyar ba, sai ya duba abin da ya haɗa marasa amfanin. A ce yawancinsu masu kula da kayan otal ne da shagunan cikin gari. Wannan yana nuna muƙamin daidai ne, wurin aikin ne bai dace ba, kuma lokacin kunna rariyar fanni ko ta kamfani ya yi.

Zagaye na biyu, ya bar muƙami da ƙasa yadda suke, ya zaɓi kamfanoni huɗu ko biyar a `Entreprise actuelle`. Jerin ya ragu zuwa abin da zai iya karantawa a zama ɗaya. Zagaye na uku, ya sauya layin zuwa na Turanci domin ƙungiyoyin agaji. A nan ya lura wasu suna rubuta `fleet manager`, wato mai kula da motocin ƙungiya, wasu kuma `procurement officer`, mai sayayya. Na biyun ya fi kusa da buƙatarsa, domin a ƙungiyoyi da yawa sashen sayayya ne ke riƙe da jerin 'yan kwangila. Sai ya ƙara shi a takardarsa. Kowane zagaye yana koya wa mai bincike kalmar da bai zo da ita ba.

Zagaye na ƙarshe shi ne na rariyar dangantaka, mai `1er`, `2e` da `3e et +`. Na farko su ne waɗanda ya riga ya haɗu da su a dandalin. Na biyu su ne waɗanda shi da su suke da wani da suka sani tare, kuma dandalin yana nuna sunan wannan na tsakiya. Ga ɗan kasuwar da ya saba da cewa ba a shiga gidan mutum sai da wanda zai yi sallama, wannan rariya ta fi kowacce daraja. Mutum shida da ke mataki na biyu sun fi sittin da babu wanda zai gabatar da shi gare su.

Ana iya sanin bincike ya yi faɗi da yawa ta wata hanya. Asusun kyauta ba ya nuna fiye da mutum 1,000 a bincike ɗaya, wato shafi 100. Duk binciken da ya kai nan ba a tankaɗe shi ba tukuna. Asusun kyauta yana kuma da iyakar yawan binciken mutane a wata. Dandalin ba ya bayyana adadin, amma yana gargaɗi idan an kusa, kuma ƙidayar tana komawa farko ranar 1 ga kowane wata. Wannan ne dalilin shirya kalmomi a takarda kafin a fara, don kada rabon wata ya ƙare a lalube.

Idan an kai iyaka, ko sakamako ya yi kaɗan

Google yana riƙe da shafukan da masu su suka bari a buɗe ga kowa, kuma adireshinsu yakan fara da baƙaƙen ƙasa: `cm` na Kamaru, `td` na Chadi, `ng` na Najeriya, `gh` na Gana. Ana iya rubuta wannan a Google:

```
site:td.linkedin.com/in ("responsable logistique" OR "logistics officer") -stagiaire
```

A nan alamar ragi ce ke yin aikin `NOT`, kuma dole ta manne da kalmar ba tazara. Wannan hanya ba ta cin rabon wata, amma abin da Google ya ajiye yana iya zama tsoho, kuma wanda ya rufe shafinsa ba zai bayyana ba. Amfaninta shi ne samo suna, sannan a koma dandalin a tabbatar.

Tantancewa kafin a aika saƙo

Fitowar mutum a jeri ba ta nufin yana kan kujerar. A buɗe shafinsa a duba sashen ayyukansa: shin muƙamin yana da ranar ƙarewa, ko har yanzu yana ci? Shin sunan kamfanin yana ɗauke da tambari da ke kaiwa ga shafin kamfanin na ainihi? Yaushe ya yi rubutu ko tsokaci na ƙarshe? Shafin da ya shekara uku babu motsi, mai shi ba zai ga saƙo ba. Tun 2022 akwai wurin da ake kira `About this profile` da ke nuna lokacin da aka buɗe shafin. Wanda ya ce ya yi shekara goma sha biyar a babban kamfani, amma shafinsa watan jiya aka buɗe shi kuma babu abokin aikinsa ko ɗaya a cikin mutanensa, abin a yi hattara da shi ne. A tuna kuma cewa mai shafi yana iya ganin wanda ya leƙa shi, sai dai idan an sauya hakan a saitunan sirri. Don haka mai tirelolin ya fara gyara nasa shafin, ya sa hotonsa, sunan kamfaninsa, yawan motocinsa da hanyar da suke bi.

Asusun kyauta yana ba da damar haɗa gajeren saƙo da gayyata, harafi 200, kuma sau kaɗan a wata. A rubuta shi da harshen da mutumin ya rubuta shafinsa, a faɗi abu uku: wane ne, me yake da shi, me yake tambaya. Misali, mai tirela uku a Ngaundere, yana bin hanyar Kuseri da Njamena, yana tambayar yadda ake shiga jerin masu dakon kayan kamfanin. Tambayar hanya ta fi roƙon lodi samun amsa, domin ma'aikaci yana iya amsa ta ba tare da ya saɓa wa dokar ofishinsa ba.

Amsar da zai samu galibi za ta mayar da shi ga takardu ne. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suna da rajistar 'yan kwangila ta UNGM, kuma rajistar farko kyauta ce. Dakon kaya tsakanin ƙasashen biyu yana bi ta ofishin BGFT a ɓangaren Kamaru da BNFT a ɓangaren Chadi. Kamfanoni za su nemi rajistar kasuwanci, lambar haraji, inshora da takardun kowace mota. Duk wanda ya amsa saƙo da cewa a tura masa kuɗi ta waya domin ya buɗe fayil ko ya ajiye lodi, a dakata, a kira lambar ofishin da ke shafin kamfanin na hukuma a tambaya ko suna da ma'aikaci mai wannan suna, kafin a fitar da ko sefa ɗaya.